Me ya sa ake rage maki a giraf ɗin fiziks alhali lissafin ya fita daidai?

Duk lokacin da aka mayar wa ɗalibai rahotannin firaktikal, ko sakamakon jarrabawa ya fito, akwai ƙorafi guda da ba ya tsufa a Bauchi. Za ka ji shi a bakin 'yan ajin ƙarshe na sakandare, ka ji shi a bakin 'yan shekarar farko na jami'a da kwalejin fasaha a wajajen Yalwa da Gwallameji: "Na yi gwajin da hannuna, ɗigogina sun hau layi, amsata ta fito daidai, amma an zabge min maki wai don ban rubuta mita ko sakan a gefen giraf ba." Iyaye ma kan shiga maganar, wasu su ɗauka malami ne ke neman laifi ido rufe. To, shin ƙeta ce, ko kuwa akwai abin da ɗan rubutun nan na gefen zane yake ɗauke da shi wanda in babu shi aikin bai kammala ba?

Na daɗe ina duba irin waɗannan rahotanni, kuma abin yana damuna ƙwarai, domin yawancin masu asarar makin nan ba ragwaye ba ne. Sun yi wahalar aikin, sai a ɗan abin da bai fi minti uku ba su bar shi a buɗe. Bari mu bi maganar da gwaji ɗaya tak, wanda kusan kowane ɗalibin fiziks ya taɓa yi, wato gwajin lilo.

## Abin da ake nufi da giraf mai tsayawa da ƙafarsa

Giraf zane ne da ke nuna yadda abu ɗaya yake sauyawa idan aka sauya wani. Yana da layuka biyu da suka haɗu a kusurwa: layin kwance, wanda bisa al'ada ake ɗora abin da mai gwaji yake sauyawa da kansa, da layin tsaye, wanda ake ɗora abin da ya auna sakamakon wannan sauyi. Kowane layi yana buƙatar abu uku: sunan abin da aka auna ko alamarsa, ma'aunin da aka auna shi da shi, da lambobi masu tazara iri ɗaya. A ƙasan zanen kuma sai a sa 'yan jimloli da ke faɗin abin da ake kallo. Wannan shi ne bayanin ƙasan zane.

Idan aka ce giraf ya tsaya da ƙafarsa, ana nufin a cire shafin daga cikin rahoton, a miƙa wa wanda ya san fiziks amma bai shiga ɗakin gwajin ba ranar, ya iya faɗin abin da aka auna, da me aka auna shi, a wane hali, har ya fitar da amsar ƙarshe da kansa ba tare da ya nemi sauran shafukan ba.

Dalilin wannan sharaɗi shi ne yadda mutane ke karanta rahoto a zahiri. Mai dubawa da ke da tarin rahotanni a gabansa zanen yake fara buɗewa kafin ya karanta komai. Ɗalibi kuma yakan ɗauki hoton shafin da waya ya tura wa abokinsa, ko ya manna shi a allon gabatarwa ranar kare furojet. A duk waɗannan wurare zanen yana tafiya shi kaɗai, bayanin da ke shafi na biyu ba ya bin sa.

## Gwajin lilo, daga zare zuwa takarda

A gwajin lilo ana ɗaure ɗan ƙwallon ƙarfe a zare, a rataye shi, a ɗan ja shi gefe a saki. Tsawon zaren, daga inda aka maƙale shi zuwa tsakiyar ƙwallon, shi ake kira L. Lokacin da ƙwallon yake ɗauka ya je ya dawo sau ɗaya shi ne T. Da yake lilo ɗaya gajere ne, hannu ba zai iya danna agogo daidai a kansa ba, sai a ƙirga lilo 20 a raba lokacin gida 20. Abin da ake nema a ƙarshe shi ne g, wato saurin da gudun abu yake ƙaruwa da shi idan yana faɗowa ƙasa. Alaƙar da ke tsakaninsu, muddin ba a ja ƙwallon da nisa ba, ita ce:

T² = (4π²/g) L

Ma'anarta ita ce idan aka zana T² a tsaye, L a kwance, za a sami miƙaƙƙen layi. Yadda layin yake hawa, abin da ɗalibai ke kira silof, shi ne 4π²/g. Ga irin lambobin da mai aiki da natsuwa zai iya samu:

| L / m | t / s | T / s | T² / s² |
|---|---|---|---|
| 0.20 | 18.0 | 0.900 | 0.81 |
| 0.40 | 25.4 | 1.270 | 1.61 |
| 0.60 | 31.2 | 1.560 | 2.43 |
| 0.80 | 35.9 | 1.795 | 3.22 |
| 1.00 | 40.2 | 2.010 | 4.04 |

Ƙaramin t a nan lokacin lilo 20 ne. Bayan an sa ɗigogin an ja layin da ya fi dacewa da su, sai a zaɓi wurare biyu masu nisa da juna a kan layin. A L = 0.10 m layin yana kan 0.40 s², a L = 0.90 m kuma yana kan 3.63 s². Hawan da aka yi 3.23 s² ne, tafiyar kwance 0.80 m. Idan aka raba, silof ya zama 4.04 s²/m. Shi kuwa 4π² kusan 39.48 ne, saboda haka g = 39.48 ÷ 4.04, wato 9.77 m/s².

Amsa ce mai kyau. Littattafai kan rubuta 9.8 ko 9.81, amma a yankinmu da ke kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu, Bauchi tana wajen digiri 10 arewa, ainihin g yana kusa da 9.78. Lura da abu guda a lissafin nan: ma'aunin amsar ba daga ka aka kawo shi ba. Daga gefen giraf ya fito. Layin tsaye ya ba da s², layin kwance ya ba da m, rabonsu ya ba da s²/m, da aka kifar da shi ya zama m/s². Idan rubutun gefen ya ɓace, hanyar da amsa take bi ta sami ma'auninta ta yanke.

## Abin da ke faruwa idan rubutun ya ɓace

Wata rana wata ɗaliba ta same ni da rahotonta a hannu, ranta a ɓace. Zanenta tsaf yake, fensir mai kaifi, layi ɗaya siriri. A kwance ta rubuta 20, 40, 60, 80, 100. A tsaye ta rubuta 1, 2, 3, 4. Babu suna, babu ma'auni.

Ta ce, "Malam, ai kowa ya san gwajin lilo ne. Kai ka ba mu shi."

Na rufe sauran shafukan da tafin hannuna na ce, "To 'yata, a ce ba ni ba ne. Wannan 100 ɗin mene ne?"

Ta ce santimita. Na tambaye ta silof ɗinta, ta ce 0.0404. Na ce ta fitar da g. Ta danna kalkuleta, 977 ya fito. Ta yi shiru tana kallon lambar, sannan ta buɗe shafin ƙarshe ta nuna min inda ta rubuta 9.77 m/s². Da na tambayi yadda 977 ya koma 9.77, sai ta ce ta san amsar ba ta wuce goma ba, shi ya sa ta matsar da ɗigon.

Ga inda matsalar take. Lambarta ta 977 ba kuskure ba ce ko kaɗan: 977 cm/s² ne, daidai yake da 9.77 m/s². Da ta rubuta L / cm a gefen layin, da silof ɗin ya fito da s²/cm, da amsar ta zo da ma'auninta, ta mayar da ita mita da hujja. Da yake ba ta rubuta ba, sai ta gyara amsar da abin da ta haddace. A gwajin lilo wannan dabara tana ɓoyuwa, saboda kowa ya san g. Ranar da za ta auna abin da ba a san amsarsa ba, kamar ƙarfin wani sabon sifirin ko juriyar wata waya, babu haddar da za ta cece ta.

Layin tsayen ma yana da nasa tarkon. Lambobi daga 1 zuwa 4 ba tare da suna ba, T ne ko T²? Da T aka zana, layin ba zai miƙe ba, zai lanƙwasa, kuma iyakarsa 2 da kaɗan. Amma ɗalibai da yawa kan zana T² su rubuta T kawai a gefe, ko su rubuta T² su bar ma'aunin a s. Wannan ƙaramin 2 da ke saman s ba ado ba ne. Idan ka ninka sakan da sakan, ma'aunin ma ya ninku. Wani kuma yakan manta bai raba da 20 ba, ya ninka lokacin lilo 20 da kansa. Lambobinsa za su fi na gaskiya sau 400, g ɗinsa ya fito wajen 0.024. Mai dubawa zai gane inda aka kauce cikin sakan biyar idan an rubuta t² / s² a gefe. Idan ba a rubuta komai ba, sai dai ya yi ta lalube.

Sai kuma juya layuka. Wasu takardun tambaya kan ce a zana L a tsaye, T² a kwance. Ba laifi ba ne, amma silof ɗin yanzu 0.248 m/s² ne, kuma ninka shi ake yi da 4π², ba a raba ba. Wanda ya haddace "a raba 39.48 da silof" zai sami 159. Wanda ya rubuta ma'auni a gefe kuwa, da ya ga silof ɗinsa ya riga ya fito da m/s², zai san ninkawa ce ta rage. Ma'aunin da kansa yake nuna hanya.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Muda Lawal ya san wannan ba sai an koya masa ba. Idan aka ce maka masara "goma" ce, tambayarka ta farko ita ce goma na me, mudu ko tiya ko buhu? Ko mudun ma sai ka tambaya na wane gari, tunda ba girmansu ɗaya ba. Lamba ba tare da ma'auni ba rabin magana ce a kasuwa, haka take a ɗakin gwaji. Manyan ma'aikatu ma sun taɓa faɗawa wannan rami. A watan Satumba na 1999 hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta rasa wani kumbo da ta aika duniyar Mas, saboda wata manhaja tana fitar da lambobin turin injin a ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren kuma yana karanta su a matsayin niyuton. Bambancin ya kai kusan ninki huɗu da rabi, kumbon ya kusanci duniyar fiye da kima ya salwanta.

## Yadda ake rubuta gefen layi, da saɓanin da ke ciki

Akwai salo biyu da ake gani a makarantunmu, kuma ɗalibai kan rikice idan malamin sakandare ya koya musu ɗaya, na jami'a ya nemi ɗayan. Na farko shi ne a sa ma'aunin cikin baka: L (m). Na biyu shi ne a raba da karkatacciyar sanda: L / m.

Masu salon baka suna cewa ya fi sauƙin karantawa, kuma mujallun kimiyya da yawa suna amfani da shi. Gaskiya ne. Masu salon sanda kuma suna da hujja ta lissafi. Tsawo lamba ce da aka ninka da ma'auni: L = 0.60 m. Idan ka raba ɓangarorin biyu da m, sai ka sami L / m = 0.60, lamba zalla, kuma lamba zalla ce ake rubutawa a jikin layin. Wannan salo ne littafin ƙa'idojin ma'aunin SI yake nunawa, tsarin da ƙasashe suka amince da shi tun 1960. Ni na fi karkata gare shi, amma ba na rage wa kowa maki don ya yi amfani da baka. Abin da ba na yarda da shi shi ne a cakuɗa: baka a jadawali, sanda a giraf, ko wannan layi da salo ɗaya, wancan da wani. Idan sashenku ko takardar tambaya ta faɗi salon da take so, a bi shi a huta.

Inda salon sanda yake nuna fifikonsa sosai shi ne wajen lambobi ƙanana ko manya ƙwarai. A ce a gwajin lantarki an auna 0.005 A. Ɗalibi ba ya son cika layi da sifilai, sai ya rubuta 5 a jikin layi, a gefe kuma ya sa I × 10⁻³ (A). Abin da yake nufi shi ne a ninka 5 da 10⁻³. Amma abin da ya rubuta yana cewa I ne aka ninka da 10⁻³ aka sami 5, wato I = 5000 A, wutar da za ta narkar da duk wayoyin ɗakin. Mai karatu ba shi da hanyar sanin wanne ake nufi. Maganin mai sauƙi ne: a rubuta I / mA, magana ta ƙare.

Alamomin ma'auni kuma suna da ƙa'idar rubutu, kuma babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne. Ƙaramin m a gaban ma'auni kashi ɗaya ne cikin dubu, babban M kuwa miliyan ne, saboda haka tsakanin mA da MA akwai ninki biliyan. Kilogiram kg ne da ƙaramin k, domin babban K na ma'aunin zafi ne. Alama ba ta ɗaukar jam'i, ba a kuma sa mata aya. Sakan s ne kawai. Wannan na ƙarshe yana da amfani na musamman gare mu Hausawa, domin kalmar daƙiƙa wasu sakan suke nufi da ita, wasu kuma minti, kamar yadda take a Larabci. Alamar s ba ta da wannan harshen damo.

Game da lambobin jikin layi, abu biyu sun isa. A ba su tazara iri ɗaya, a kuma zaɓi tazarar da ido zai iya rabawa. Idan babban gida ɗaya na takardar giraf yana wakiltar 0.5 s², kowane ƙaramin gida cikin goma 0.05 ne, sa ɗigo ba wuya. Idan aka ce babban gida 0.3 ne, sai an yi lissafi kafin kowane ɗigo, kuma nan kuskure yake shigowa. Kada kuma a kwafe lambobin jadawali, 0.81, 1.61, 2.43, a jera su a jikin layi a matsayin sikeli. Masu yin haka kullum layinsu miƙewa yake, ko da gwajin bai ba da miƙaƙƙen layi ba, domin sikelin ne aka lanƙwasa.

## Bayanin ƙasan zane: abin da layuka ba za su iya faɗa ba

Nan ne aka fi yin sakaci, har a rahotannin manyan ɗalibai. Yawanci abin da ake rubutawa shi ne "Giraf na T² da L". Wannan bai ƙara wa mai karatu komai ba, tunda ya riga ya gani a gefen layukan. Aikin bayanin shi ne ya ɗauki abin da ba shi da wurin zama a jikin zanen.

Ga yadda zan so in ga bayanin zanen gwajinmu. Na rubuta shi da Hausa, a rahoton makaranta kuma da Turanci za a rubuta, amma abubuwan da ke ciki ba sa sauyawa:

Zane na 1. Yadda T² yake sauyawa da tsawon lilo L. An auna L daga maƙalin zare zuwa tsakiyar ƙwallon. Kowane T an same shi ne daga lokacin lilo 20, ba a kuma ja ƙwallon ya wuce digiri 10 ba. Ɗigogi su ne abin da aka auna, layin kuma shi ne miƙaƙƙen da ya fi dacewa da su, silof ɗinsa 4.04 s²/m, wanda ya ba da g = 9.77 m/s². Sandunan da ke kan ɗigogi suna nuna rashin tabbas na 0.2 s wajen danna agogo.

Kowace jimla a nan tana amsa tambayar da mai karatu zai yi. Lambar zanen tana ba da damar a ambace shi a cikin rubutu, a ce "duba Zane na 1", maimakon "zanen da ke ƙasa", wanda kan koma shafi na gaba idan aka buga. Bisa al'ada bayanin zane a ƙasansa yake zama, na jadawali kuma a samansa.

Maganar inda aka auna L tana da nauyi fiye da yadda ake zato. A ce ɗalibi ya tsaya a saman ƙwallon, bai kai tsakiya ba, kuma daga saman zuwa tsakiyar santimita ɗaya ne. Kowane tsawo da ya rubuta ya gaza na gaskiya da 0.01 m. Silof ɗinsa ba zai sauya ba, g zai fito daidai, amma layin ba zai bi ta kan sifili ba, zai yanki layin tsaye a wajen 0.04 s². Mai karatun da ya ga haka zai so ya san dalili. Idan bayanin ya faɗi inda aka auna, ya sami amsarsa nan take. Idan bai faɗa ba, ba zai iya bambance kuskuren rula da kuskuren agogo ba.

Digiri 10 ɗin kuma sharaɗin alaƙar ne gaba ɗaya. Idan aka ja ƙwallon da nisa, lilon yakan ɗan ƙara daɗewa, alaƙar da muka rubuta a sama ta fara kaucewa. Faɗin kusurwar yana tabbatar wa mai karatu cewa an yi gwajin a inda lissafin yake aiki.

Sandunan rashin tabbas su ne 'yan gajerun layukan da ake ja sama da ƙasan kowane ɗigo. Idan hannu yana iya makara ko gaggawa da 0.2 s a lokacin lilo 20, to a T ɗaya 0.01 s ne. A T² kuma ana ninka wannan da 2T, ya zama kusan 0.02 s² a gajeren zare, 0.04 s² a mai mita ɗaya. Dole bayanin ya faɗi abin da sandunan ke wakilta, domin wani daga kaifin na'ura yake ɗauko su, wani daga bambancin awon da ya maimaita, kuma ido ba zai iya bambancewa ba.

Idan zane ɗaya yana ɗauke da jerin awo biyu, misali ƙwallon ƙarfe da na katako, a bambanta su da siffa: wannan da'ira, wancan gicciye, a kuma faɗi wanne ne wanne. Kada a dogara da launi kaɗai. Yawancin rahotanninmu a shagon bugu na bakin makaranta ake fitar da su baƙi da fari, kuma ja da shuɗi duk toka suke komawa.

## Kwamfuta ba ta san me ka auna ba

Wasu na ganin duk wannan matsalar masu fensir ce. A gaskiya zanen kwamfuta ya fi saurin fitowa tsirara. Idan ka zuba lambobi a Excel ka ce ya zana, sau da yawa layukan ba su da suna, a sama akwai Chart Title da ba a sauya ba, a gefe kuma Series1. Sai ka shiga Chart Elements ka kunna Axis Titles ka rubuta da kanka. Ka kuma zaɓi Scatter, kada ka zaɓi Line, domin Line yana ɗaukar lambobin kwance kamar sunaye ne, ya ba su tazara ɗaya ko da 0.20, 0.30 da 0.80 ne. Idan ka sa Trendline ya nuna lissafin layin, abin da zai rubuta kusan haka ne:

```
y = 4.035x + 0.001
```

Babu y ko x a gwajinka, babu kuma ma'auni a wannan rubutu. Aikinka ne ka mayar da shi T² da L, ka ba 4.035 ma'auninsa na s²/m, ka kuma rage lambobin zuwa iya abin da agogonka da rularka za su iya tsaya wa. Masu zana giraf da matplotlib a Python kuwa layi biyu ne kacal za su ƙara:

```
plt.xlabel("L / m")
plt.ylabel("T² / s²")
```

## Ina gaskiyar masu ƙorafi take?

Suna da tasu gaskiyar, ban ƙi ba. Akwai masu dubawa da ke zare maki ba tare da sun nuna wa ɗalibi abin da ya ɓace ba, sai jan biro kawai a gefen shafi. Akwai kuma inda ake cin ɗalibi tara don ya bi salon baka maimakon sanda, alhali ba a taɓa faɗa masa wanda ake so ba. Wannan bai dace ba. Ɗalibin da ya yi awa uku yana ƙirga lilo a ɗaki mai zafi ya cancanci a zauna da shi a nuna masa yadda 977 ya fito.

Amma cewa "ai bayanin yana cikin rahoton" ba hujja ba ce da za ta tsaya. A jarrabawar firaktikal ta WAEC da NECO, bambance layuka da zaɓen sikeli suna cikin abubuwan da ake ba maki a kansu daban, ba kyauta ba ce da mai dubawa yake yi in ya ga dama. Bayan makaranta kuma abin ya wuce maki. Yaron da ya koma haɗa sola a Wunti zai buɗe takardar batir ya tarar da zanen da ke nuna yadda ƙarfinsa ke sauka, kuma sai ya duba ko layin kwancen awa ne ko minti kafin ya faɗa wa mai gida tsawon lokacin da firijinsa zai yi yana aiki. Ma'aikaciyar asibiti da ke cike katin awon jarirai tana karanta kilogiram a tsaye, watanni a kwance, kuma a kan wannan karatu ake yanke shawarar ko yaro yana samun abinci isasshe.

Ɗalibar nan ta dawo bayan kwana biyu da sabon shafi. Ta bar lambobinta a santimita, ta rubuta L / cm a kwance, T² / s² a tsaye, silof 0.0404 s²/cm, sannan g = 977 cm/s² = 9.77 m/s². A bayanin ƙasa ta ƙara jimlar da ban nema ba: ta ce a zare mafi gajarta ta maimaita awon sau uku, saboda lilon yana da sauri har ƙirgan ya kuɓuce mata a karon farko. Na miƙa shafin ga wani malamin lissafi da ke zaune kusa da ni, wanda bai san an yi gwajin ba, na ce ya fitar min da g daga zanen kaɗai. Ya ɗauki rula ya zaɓi nasa wurare biyu a kan layin, ya sami 9.8.